Baba na kwance, banki ya ƙi karɓar wasiƙar wakilcin da ya ba ni

Ɗan Malam (Jahun, Bauchi):
Assalamu alaikum jama'a. Mahaifina tsohon malamin makaranta ne, ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama, yana kwance a gida. Yana magana a hankali, yana gane kowa, amma hannun ba ya riƙe biro. Fanshonsa a asusun ajiya yake shiga, katin ATM ɗinsa kuma wa'adinsa ya ƙare. Muna bukatar naira 380,000 na magani da gashin ƙashi. Na rubuta wasiƙa cewa ya wakilta ni in cire kuɗi in kuma sa hannu a madadinsa, ya dangwala yatsa, na kai banki da katin shaidarsa da nawa. Suka ce ba za su biya ba, sai shi da kansa. Yaya ake rubuta wasiƙar da za su karɓa? Ko akwai wata hanya?

Abu Nasir:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Matsalar ita ce wasiƙarka ba ta da hatimin hukuma. Gobe da safe ka je babbar kotu, wajen masu rantsuwa, a buga maka takardar rantsuwa cewa kai ɗansa ne kuma ya wakilta ka. Da sun ga hatimin kotu jikinsu zai yi sanyi. Ni da takardar rantsuwa na gyara sunana a banki, ko musu ba a yi ba.

Mai POS na Wunti:
Wai duk wannan wahalar ta mece ce? Layin da ya buɗe asusun da shi yana hannunku ai. Ku kunna tiransifa ta waya, ku turo wa mai POS, ya ba ku tsaba. Idan kuma ya ƙi, ai ka san yadda Baba yake sa hannu, ka cike fom ɗin cire kuɗi ka zana irin nasa kawai.

Hajiya Mai Ritaya:
Subhanallahi. Mai POS, wannan maganar ta ƙarshe ka janye ta. Kwaikwayon sa hannun wani a takardar banki laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, ko da kuɗin ubansa ne. Kuma ba ma za ta yi aiki ba, domin a asusun ajiya kashiya ba sa hannu kaɗai take dubawa ba, fuska take dubawa.

Ɗana, Allah ya ba Malam lafiya, ya sa kaffara ne. A kan kantar biyan kuɗi na fara aikin banki, a teburin kula da kwastomomi na gama, don haka bari in gaya maka abin da wanda ya mayar da kai ya gani.

Ranar da Malam ya buɗe asusun nan, ya cike wani kati da muke kira mandet. A jikinsa akwai hotonsa, da samfurin sa hannunsa, da umarnin cewa shi kaɗai ne zai taɓa kuɗin. Wannan katin an ɗauki hotonsa an sa a kwamfuta. Duk wanda ya miƙo takarda da lambar asusun, kashiya na danna lambobin nan goma sai katin ya fito mata a allo: ga fuskar Malam, ga sa hannunsa na lokacin da yake da ƙarfinsa. Kai kuma ka zo da fuskar da ba ita ce a allo ba, da dangwalen yatsa a inda allo ya nuna sa hannun biro. Ba ta da abin da za ta gwada dangwalen da shi. Yatsan Malam ne? Naka ne? Ko nasa ne amma an kama hannun an dangwala yana barci? Daga inda take zaune ba ta da hanyar sani. Idan ta biya, gobe wani ɗan'uwanka ya zo ya ce Baba bai san da maganar ba, ita za a tuhuma, kuma wataƙila daga albashinta kuɗin zai fita. Saboda haka ko da lauya ne ya tsara maka wasiƙar da Turanci mai daɗi, amsar da za ka samu a kan kanta ita ce dai wadda ka samu.

Wasiƙar wakilci tana aiki a banki, amma a ƙananan abubuwa: karɓo takardar bayanin shige da ficen kuɗi, karɓo littafin cek, kai wasu takardu. Nan ma sai sa hannun ya yi daidai da na mandet, kuma sau da yawa sai an kira mai asusun a lambar wayar da ke cikin kwamfuta ya tabbatar da bakinsa. Cire kuɗi daga asusun ajiya da sa hannu a madadin mutum ba sa cikin abin da wasiƙa zalla take buɗewa.

Abin da za ka nema shi ne bankin ya zo wurin Malam, tunda shi ba zai iya zuwa ba. Ana yi. Ni kaina na sha zuwa gidaje da gadon asibiti da tawadar dangwale a jaka. Kada ka koma wurin kashiya ko mai gadi, ka nemi ganin shugaban sashen ayyuka na reshen, ko manaja. Ka riƙe takardar likita wadda ta faɗi abu biyu a fili: cewa ba zai iya zuwa ko sa hannu ba saboda lalurar hannun, da cewa hankalinsa na nan, yana fahimtar abin da ake gaya masa. Wannan na biyun shi ne ginshiƙin komai, ka roƙi likitan ya rubuta shi ƙarara. Sai ka haɗa da 'yar gajeriyar takardar neman a turo ma'aikaci. Ka yi ta kwafi biyu, a buga maka hatimin "an karɓa" da kwanan wata a kan naka.

Idan suka zo, yawanci mutum biyu ne. Za su gaishe shi, su tambaye shi sunansa, su tambaye shi ko ya san ka da abin da yake so a yi da kuɗinsa. Wani lokaci za su ce ka ɗan fita waje, kada ka ji haushi, so suke su ji daga bakinsa ba tare da idonka a kansa ba. Daga nan su canja mandet ɗin daga sa hannu zuwa dangwale, su ɗauki sabon hotonsa, ya dangwala a gabansu. Tunda ɓarin dama ne ya shanye, su za su faɗi yatsan da za a yi amfani da shi, su rubuta a gefe. Daga wannan lokacin dangwalensa ya zama abin da banki ya sani.

Ɗan Malam (Jahun, Bauchi):
Na gode ƙwarai Hajiya, Allah ya saka da alheri. To idan sun canja zuwa dangwale, kenan duk lokacin da muke son kuɗi sai sun sake zuwa gida? Kuma maganar Abu Nasir ta kotu fa, in je ko kada in je?

Hajiya Mai Ritaya:
Maganar Abu Nasir akwai gaskiya a cikinta, amma ba a nan take aiki ba. Takardar rantsuwa magana ce ta wanda ya rantse a kan abin da ya shafe shi. Shi ya rantse a kan sunansa, a asusunsa, shi ya sa aka karɓa. Kai idan ka rantse cewa Malam ya wakilta ka, maganarka ce kawai aka buga wa hatimi, har yanzu ba a ji ta bakin Malam ba. Takardar da ke ɗauke da maganarsa ita ce takardar wakilci ta lauya, wadda shi mai bayarwa yake sa wa hannu ko ya dangwala a gaban shaida. Ita ma ba a kan kanta ake miƙa ta a karɓi kuɗi ba. Reshe zai aika ta sashen lauyoyin banki, su duba, su nemi tabbaci daga Malam, sannan a shigar da kai cikin mandet. Tana iya cin makonni, kuma wani bankin zai ce duk da haka sai an cike nasa fom ɗin. Kada ka biya lauya sai ka fara tambayar reshenku ko suna buƙatarta da irin kalmomin da suke so a ciki.

Game da zuwa gida kuwa, a wannan zuwan guda za ka gama abu biyu idan ka shirya.

Na farko, bukatar yanzu. Ka ce su taho da fom ɗin tura kuɗi. A cike shi a gabansa, ya dangwala, su shaida. Shawarata kada ku karɓi 380,000 ɗin a tsaba. Abin da na asibiti ne a tura asusun asibitin kai tsaye, na kantin magani a tura musu, ragowar a tura asusunka. Misali idan gashin ƙashi 200,000 ne, magani 130,000, to 50,000 ce kawai za ta bi ta hannunka, kuma kowane kwabo yana da sawu a takardar banki. Za ka gane amfanin wannan ranar da wani a gida ya tambaya.

Na biyu, na gaba. A nan ne ainihin wakilcin yake shigowa: Malam ya nemi a ƙara ka a matsayin mai sa hannu a asusunsa. Za su nemi BVN ɗinka, da NIN, da katin shaida mai rai, da hotunan fasfo, da shaidar inda kake zaune kamar takardar kuɗin wuta, sannan ka sa hannu a sabon mandet. Bankuna sun bambanta a nan. Wani zai ƙara ka da wasiƙa da fom kawai, wani zai ce a asusun ajiya na mutum ɗaya sai da takardar lauya, wani kuma zai ce a mayar da shi asusun haɗin gwiwa. Wannan na ƙarshen ina jan kunnenka a kai. Mai sa hannu wakili ne, kuɗin na Malam ne har gobe. Asusun haɗin gwiwa kuwa sunanka ya hau kan kuɗin a matsayin mai shi, kuma hakan yana dagula lissafi tsakaninka da 'yan'uwanka. Idan akwai zaɓi, ka tsaya a wakili.

Ga yadda wasiƙar da za ta raka fom ɗin za ta kasance. Da Turanci za a buga ta saboda hedkwata, amma ga abin da ya kamata ta ƙunsa:

"Zuwa ga Manaja, reshe kaza. Ni, wane ɗan wane, mai asusu lamba kaza, ina ba ɗana wane, mai BVN kaza da NIN kaza, izinin sa hannu a wannan asusu domin cire kuɗi da tura kuɗi, abin da bai wuce naira 150,000 a wata ba, daga ranar kaza zuwa ranar kaza. Wannan izini bai haɗa da cin bashi da sunana ba, ko rufe asusun, ko canja lambar wayar da ke kansa, ko wakilta wani mutum dabam. Ga samfurin sa hannun wakilina a ƙasa. Ina da ikon janye wannan izini a rubuce duk lokacin da na so."

A rubuta adadin kuɗin da lambobi da kuma kalmomi, sunaye su zo daidai da yadda suke a BVN, harafi da harafi. Idan a BVN Muhammad ne kada a rubuta Mohammed. Kada a goge ko a shafa farin fenti a ko'ina, idan an yi kuskure a sake bugawa. Kuma tunda dangwale zai yi, a ƙasan wasiƙar wanda ya rubuta ta zai sa sunansa da adireshinsa, ya bayyana cewa ya karanta wa mai dangwalen abin da ke ciki, ya fassara masa da Hausa, ya nuna ya fahimta kafin ya dangwala. Asali doka ta tanadi wannan ne don kare wanda bai iya karatu ba. Na san Malam malami ne, amma duk takardar da aka ga dangwale a kanta ba wannan bayanin, tambaya take jawowa. Mai fassarar da shaidun kada ya zama kai ne, a samo wanda ba shi da rabo a kuɗin, kamar limamin unguwa ko wani abokin aikinsa na da.

Iyakar nan ta 150,000 misali ce, ku sa abin da ya dace da fanshonsa da kuɗin maganinsa. Amma ka tambaye su ko za su iya ɗora iyakar a kwamfuta, domin ba kowane banki ne yake lura da iyakar wata-wata ba. Wani iyakar cirewa sau ɗaya kawai yake iya sawa.

Baban Walid:
Ni ban ga abin dogon zance ba. Idan kai ne ya rubuta a matsayin magajinsa a fom ɗin banki, ai kai ke da iko. Ka je da shaidar cewa kai ne, dole su ba ka. Haka aka yi da kawuna ya rasu.

Maman Hanifa (Tudun Wada, Gombe):
Baban Walid, Baban nasa na da rai fa, Allah ya ƙara masa lafiya. Kuma wannan sunan da ake rubutawa a fom, wanda za a nema ne idan an rasa mai asusu, ba ya ba mutum ikon taɓa ko sisi. Mu mun gani da idonmu.

Ɗan Malam, bari in ba ka labarin gidanmu, ko ka tsinci wani abu. Surukina ya yi jinya mai tsawo, babban ɗansa ke riƙe da katin ATM da lambar sirri, da yardar tsohon. Yana cirewa ana sayen magani, babu wanda ya ce uffan. Da Allah ya yi masa rasuwa, yayan namu ya ci gaba da cirewa, ya yi hidimar zaman makoki, ya biya wasu basussuka da ya ce tsohon ya faɗa masa. Da aka zo rabon gado aka ciro takardar banki, sai ga cire-cire bayan ranar rasuwa, layi-layi. Gida mai mata uku. Wallahi har yau akwai ɗakin da ba sa gaisawa da shi, alhali ni na san bawan Allahn nan bai ci ko kwabo ba. Rasit ne kawai babu, kuma bai shawarci kowa ba.

Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi tun yau. Kwanan wata, abin da aka cire, abin da aka saya, ka manna rasit. Kuma kafin bankin su zo, ka tara iyayenku mata da 'yan'uwanka Baba ya faɗa da bakinsa a gabansu cewa kai ya zaɓa.

Malam Na Bakin Kura:
Maman Hanifa ta taɓo wurin da nake son magana. A fiƙihu wakilci halal ne, kuma wakili amintacce ne: ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka iyakance masa. Shi ya sa wakilcin da aka ƙayyade, aka ce kuɗi kaza don abu kaza, ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda aka sakar wa mutum komai. Sannan wakilci yana faɗuwa da mutuwar wanda ya wakilta. Daga lokacin da rai ya fita, dukiya ta tashi daga hannun mamaci, ta zama abin da za a yi masa sutura da shi, a biya bashi, a zartar da wasiyya, saura na magada. Wakilin jiya ba shi da hurumin taɓawa shi kaɗai, ko da takardar na hannunsa. Ba fata muke yi ba, Allah ya tashi kafaɗun Malam, amma wanda zai karɓi amana gara ya san inda ta tsaya.

Hajiya Mai Ritaya:
Haka yake a banki ma, Malam. Da zarar labarin rasuwa ya iso reshe, ana rufe cirewa a asusun, kuma mandet da wasiƙa da takardar lauya duk sun daina aiki. Sai takardar kotu ta masu kula da gado. Kuma ba mutuwa kaɗai ba. Idan hankalin mai asusu ya gushe, ba zai iya ba da sabon izini ba, wanda ya bayar a baya ma ya shiga matsala. Shi ya sa nake cewa ɗana kada ka bari a ja lokaci. Irin wannan ciwon wani lokaci yana taɓa magana daga baya. Yau da Malam yake iya cewa "na yarda" da bakinsa, yau ce ranar yi. Idan ma'aikatan suka zo suka tarar ba ya iya amsa tambaya, za su tattara takardunsu su koma, kuma daga nan hanya ta koma ta kotu, mai tsawo.

Ka zaɓi lokacin da ya fi samun kuzari. Idan da hantsi ne bayan ya karya, ka roƙe su su zo a lokacin, ba da la'asar da gajiya ko magani ya sa shi gyangyaɗi ba.

Alhaji Mai Hatsi (Azare):
Ni ɗan kasuwa ne, kullum yarana ke karɓo min kuɗi, ban taɓa rubuta wata wasiƙa ba. Cek nake rubutawa da sunan yaro, ya je da katinsa, su kira ni in ce na sani, su biya shi. Me zai hana a buɗe wa Malam irin wannan asusun a huta?

Hajiya Mai Ritaya:
Alhaji, taka hanyar ita ce mafi sauƙi ga mai lafiyar hannu, domin cek shi kansa umarni ne na a biya wane. Amma akwai abu biyu. Tun Janairun 2023 Babban Bankin Najeriya ya ce cek ɗin da aka rubuta wa wani, idan ya haura naira 100,000, ba a biyan sa tsaba a kan kanta, sai dai ya shiga asusun wanda aka rubuta wa. Na biyu kuma shi ne babba: cek da sa hannu yake tafiya. Bankuna ba sa son ba mai dangwale littafin cek, saboda ƙa'idar dangwale ita ce a yi shi a gaban ma'aikaci. Wanda aka dangwala a gida aka aiko da shi, mun koma matsalar farko.

Mai POS na Wunti:
To na janye maganar sa hannu, Allah ya ba da haƙuri Hajiya. Amma ta waya fa? Ni ina ganin mutane da yawa haka suke yi wa iyayensu, kuma ba a kama kowa ba. Ko kuma ya karɓo masa sabon kati da wasiƙar, ai kin ce tana karɓo ƙananan abubuwa.

Hajiya Mai Ritaya:
Ana yi, ban musa ba. Idan Malam da kansa yana da tiransifa ta waya, ya ce ɗana danna min kaza, yana kallo, wannan tsakaninsu ne. Amma kunna ta sabuwa da sunansa ba tare da shi ba, wannan shiga rigarsa ce, kuma wasu bankunan ma sai da lambobin kati mai aiki ake kunnawa, nasa kuwa ya mutu. Sannan duk abin da aka yi da lambar sirrinsa, a idon banki shi ya yi. Idan wayar ta faɗi aka kwashe kuɗin, da zarar an ji ya ba wani lambar, samun diyya zai yi wuya. Kuma babu inda aka rubuta cewa an wakilta ɗan, don haka ba shi da abin kare kansa a gaban 'yan'uwa.

Kati kuma, a inda na yi aiki ba ma ba wakili, sai mai shi hannu da hannu. Na san akwai inda suke bayarwa bayan sun kira mai asusu. Ya tambaya, idan zai yiwu su taho da katin ranar da za su zo gida.

Abu Nasir:
Na fahimta yanzu. Sai dai Hajiya ni ina da ja a kan ƙara shi a matsayin mai sa hannu shi kaɗai. Ba don ina zarginsa ba, amma mutum ɗaya da asusun uba, zance ba ya ƙarewa. Me zai hana a sa su biyu, shi da wani daga ɗaya ɗakin, dole sai sun sa hannu tare?

Maman Hanifa (Tudun Wada, Gombe):
Wannan a baki yana da daɗi. Ranar da jiki ya rikice aka ce a kawo kuɗi yanzu-yanzu, ɗayan kuma yana Kano ko ya yi fushi, yaya za a yi? Ni na fi son mutum ɗaya da iyaka da littafi, alat kuma ya ci gaba da shiga wayar Baba, wayar tana hannun Mama.

Hajiya Mai Ritaya:
Duka biyun ana yi, kuma na ga inda kowanne ya yi kyau, na ga inda ya ɓaci. Akwai ta tsakiya: a rubuta a mandet cewa abin da bai kai adadi kaza ba mutum ɗaya ya isa, abin da ya haura sai su biyu. A asusun ƙungiyoyi da kamfanoni wannan ruwan dare ne, a na mutum ɗaya kuwa sai reshen ya yarda. Wannan ba ni zan yanke muku ba, Malam ne ya san 'ya'yansa. Abin da kawai zan dage a kai shi ne lambar wayar alat kada a mayar da ita ta wakili. Kuma ranar da Malam ya warke ko ya canja ra'ayi, janyewa a rubuce ake kai ta banki a buga hatimin karɓa. Faɗa wa wakili da baki "na sauke ka" ba ya cire sunansa daga kwamfuta.

Ɗan Malam (Jahun, Bauchi):
Jama'a ga inda aka kwana. Na samu takardar likita, na ga shugabar sashen ayyuka, ta karɓa ta buga hatimi. Sun zo gida su biyu, sun fitar da ni waje sun gana da Baba, sun ɗauki hotonsa, ya dangwala da babban yatsan hagu. An tura kuɗin asibiti da na magani kai tsaye kamar yadda Hajiya ta ce, an fara gashin. Kati sun ce sai sabon mandet ya hau kwamfuta tukuna. Maganar ƙara ni kuwa, sun ce a wurinsu asusun ajiya na mutum ɗaya sai da takardar lauya, kuma za ta je hedkwata. Baba ya ce yana son a sa ni da ƙanwata ta ɗakin Inna, ita kuma aure take a Gombe. Hajiya, za ta iya cike nata fom ɗin ta sa hannu a reshensu na can, ko dole sai ta zo Bauchi?

Hajiya Mai Ritaya:
Alhamdu lillahi, Allah ya ƙara sauƙi. Sau da yawa reshen can yana iya karɓar takardunta, ya tantance ta, ya turo wa reshen da asusun yake, amma sai naku sun amince tun farko. Ka koma wurin matar da ta taimake ka, ka tambaye ta wannan, ka kuma roƙe ta ta rubuto maka abubuwan da lauyoyinsu suke so takardar ta ƙunsa kafin ka je wurin naka lauyan. Idan ta ce sai ƙanwarka ta zo, Gombe zuwa Bauchi tafiyar awa biyu zuwa uku ce, ku haɗa ranar zuwanta da ranar da lauya zai zo gida Malam ya dangwala, ta taho da katin shaidarta da hotunan fasfo.